Me ya sa ƙ, ɗ da ɓ suke komawa akwati ko alamar tambaya?

*"Ni ne sakataren ƙungiyarmu. Ina rubuta sanarwa a wayata da haruffa masu lanƙwasa lafiya lau, amma wasu sai su ce akwati-akwati suke gani. Ranar da na zuba sunayen membobi a Excel na aika da tes na bai ɗaya kuwa, kowa ?anladi da ?asimu ya gani. Laifin wayata ne ko tasu?"*

Malam, cuta biyu ka haɗa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwatin nan laifin wayar mai karɓa ne, rubutunka yana nan da ransa. Alamar tambayar kuwa ba wayarka ba ce, ba tasu ba ce. A hanya aka kashe harafin, kuma ina kyautata zaton a wurin adana fayil ɗin Excel ne. Zan nuna maka yadda za ka tabbatar da hannunka, amma sai ka fara sanin abin da yake tafiya tsakanin waya da waya.

Idan ka danna ƙ, ba hoton harafin wayarka take aikawa ba. Lamba take aikawa. A tsarin Unicode, wanda wayoyi da kwamfutocin zamani suka yarda da shi, kowane harafi da lambarsa: ƙ ita ce 409, ɗ 599, ɓ 595, manyansu kuwa Ƙ 408, Ɗ 394, Ɓ 385. Wayar da ta karɓi saƙo sai ta ɗauki lambar, ta duba salon rubutun da take da shi, wato abin da ake rubuta Font a kwamfuta, ta zana harafin a allo. Ke nan abu biyu ne za su iya lalacewa. Ko dai lambar ta iso lafiya amma babu zanenta, ko kuma lambar kanta ta canja kafin ta iso.

Na farkon shi ne akwati. Kamar rajistar makaranta ce: sunan yaro da lambarsa suna nan, hotonsa ne ba a manna ba, sai aka bar gurbin fayau. Wayar ta san akwai harafi a wurin, ta ma san lambarsa, zana shi ne ta kasa. Gwajinsa ba ya cin minti biyu. Ka ce wa wanda yake ganin akwatin ya turo maka saƙon kamar yadda yake, ba hoton allo ba, saƙon kansa. Idan ya dawo maka ƙ tana nan a matsayinta, magana ta ƙare: babu abin da ya ɓace, salon rubutun wayarsa ne bai da harafin. WhatsApp da Telegram da imel na zamani duk suna ɗaukar lambobin nan ba tare da sun taɓa su ba, shi ya sa akwati aka fi gani a cikinsu, ba alamar tambaya ba.

Akwai abin da yake rikita mutane a nan. Sai ka ga waya tana nuna ƙ sumul, amma ɗ da ɓ akwati. Mai wayar ya ce ai wayarsa ta iya Hausa, ga ƙ nan, don haka kai ne ka yi kuskure. Dalilin yana cikin yadda aka jera haruffan tun farko. An sa ƙ da Ƙ da Ɗ da Ɓ a rukunin da ake kira Latin Extended-B, su kuwa ƙananan ɗ da ɓ suna can a rukunin IPA Extensions, cikin alamomin da masana furuci suke amfani da su. Mai zana salon rubutu yana iya zana rukuni ɗaya ya tsallake ɗayan, don bai san akwai miliyoyin mutanen da ɗ take cikin sunansu ba. Wani lokaci kuma ba akwati za ka gani ba, sai dai harafin ya fito siriri ko ya fi 'yan'uwansa tsawo, kamar baƙo a cikin kalmar. Wannan aro ne: manhajar ta rasa harafin a salon da ka zaɓa, ta ɗauko shi daga wani. Ba ɓarna ba ce, muni ne kawai.

Gyaran akwati yana hannun mai karɓa. Idan wayar Android ce kuma ya sauya salon rubutu zuwa irin na kwalliyar nan, ya koma na asali, sau da yawa shi ke nan. Idan tsohuwar waya ce da ta daina karɓar sabuntawa, ko ƙaramar waya mai madannai, to babu inda za a cusa mata sabon salon rubutu, sai haƙuri. A kwamfuta abin ya fi sauƙi. Noto Sans na Google, da Charis SIL da Andika na SIL, duk kyauta ne kuma suna da haruffanmu gaba ɗaya, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar a inda Nijeriya take sa 'y. Arial da Times New Roman da suke zuwa da Windows na yanzu su ma suna da su. Takardar da za ka kai a buga kuwa, ka mai da ita PDF tun daga kwamfutarka, don PDF yana tafiya da zanen haruffansa a ciki; fayil ɗin Word yana dogara ne da abin da ya tarar a kwamfutar mai bugawa.

Yanzu alamar tambaya, wadda ita ce ta fi damuna.

Kafin Unicode ya kankama, kwamfutoci suna aiki ne da ƙananan jadawalai masu gurbi 256 kacal. Wanda Windows na Ingilishi yake amfani da shi sunansa Windows-1252, kuma a cikin manhajoji za ka ga an rubuta ANSI. An cika shi da haruffan harsunan Yammacin Turai, é da ñ da ü da sauransu, babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya. Waɗannan jadawalan ba su mutu ba, suna nan a ɓoye cikin hanyoyin adana fayil, da tsofaffin rumbunan bayanai, da tsarin tes. Idan aka ce wa manhaja ta zuba rubutunka cikin irin wannan jadawali, ta zo kan lamba 409 ta ga babu gurbinta, sai ta jefar da ita ta sa lamba 63 a madadinta. Lamba 63 ita ce alamar tambaya ta gaske, irin wadda kake sawa a ƙarshen jimla. Daga wannan lokacin babu ƙ a fayil ɗin. Ba ɓuya ta yi ba, babu ita. Ko ka sayi sabuwar waya, ko ka sauke salon rubutu goma, alamar tambaya za ka gani, domin ita aka rubuta.

Kada wani ya ce maka a sa manhaja ta maye gurbin kowace alamar tambaya da harafin da ya dace. Dukan haruffan shida abu ɗaya suke komawa. Idan ka ga ?ari, ƙari ne, ko ɗari, ko ɓari? Sai mutumin da ya karanta jimlar ne zai sani, ga kuma alamomin tambaya na ainihi da za su shiga cikin rububin. Shi ya sa maganin alamar tambaya guda ne: a koma wa kwafin asali, a gano inda aka yi ɓarnar, a toshe, a sake aikawa.

Ga yadda za ka gano wurin. Ka ɗauki jimla ɗaya da ta ƙunshi haruffan shida, misali: Ɓarawo ya ɓoye ƙudan zuma a ɗakin Ɗanladi, Ƙasimu ya gani. Ka bi da ita hanyar da sunayen membobinka suka bi, zango-zango, kana dubawa a kowane zango.

Zangon farko daga waya zuwa kwamfuta, ka liƙa ta a gidan A1 na Excel. Kada ka yarda da idonka, ka tambayi lambar. A gidan da ke kusa ka rubuta:

```
=UNICODE(A1)
```

Wannan yana ba ka lambar harafin farko na abin da ke A1, kuma yana aiki tun daga Excel 2013. Idan ka ga 385, Ɓ ta iso da ranta, ko da akwati kake gani a allo. Idan ka ga 63, an riga an kashe ta tun kafin nan. A naka lamarin ina sa ran 385 za ka gani, don Excel kansa yana riƙe Unicode ba matsala muddin fayil ɗin na xlsx ne.

Zango na biyu shi ne inda nake zargi. Masu aika tes na bai ɗaya galibi fayil ɗin CSV suke nema, wato jerin bayanai a rubutu zalla da waƙafi yake raba gidajensa. Ka je Save As, jerin ya sauko, sai ka ga zaɓi biyu masu kama da juna kamar tagwaye: CSV (Comma delimited) da CSV UTF-8 (Comma delimited). Na farkon yana zuba rubutu ne cikin tsohon jadawalin nan na Windows, na biyun kuwa cikin UTF-8, hanyar adana lambobin Unicode a fayil. Abin takaicin shi ne ba za ka ga ɓarnar nan take ba, don abin da ke buɗe a gabanka bai canja ba, Ɗanladi yana nan da lanƙwasarsa. A cikin fayil ɗin da aka rubuta ne ya zama ?anladi. Ka rufe Excel, ka buɗe fayil ɗin da Notepad, za ka ga gaskiya. A Notepad na yanzu, ƙasan taga ta hannun dama yana nuna tsarin da fayil yake kai, ko ANSI ko UTF-8. Ka koma wa xlsx ɗinka na asali, ka sake adanawa da CSV UTF-8, ka sake dubawa a Notepad. Idan Excel ɗinka tsoho ne da bai da wannan zaɓin, ka ɗora fayil ɗin a Google Sheets ka sauke shi a matsayin CSV, ko ka yi amfani da LibreOffice Calc, wanda yake ba ka damar zaɓar tsarin da kanka. Notepad ma yana da wannan tarkon: kafin sabuntawar Windows 10 ta 2019, ANSI yake adanawa idan ba ka canja ba, ko da yake shi yana gargaɗi, mutane ne suke danna OK ba su karanta ba.

A wannan zangon za ka iya cin karo da cuta ta uku da ba ka ambata ba, kuma gara ka san fuskarta. Ka buɗe fayil ka ga Æ™asa a maimakon ƙasa, É—aya a maimakon ɗaya, É“era a maimakon ɓera. Ya fi alamar tambaya ban tsoro a ido, amma ya fi ta sauƙi nesa ba kusa ba. UTF-8 yana rubuta kowane harafinmu mai lanƙwasa da bayit biyu, wato ƙananan lambobi biyu, alhali a tsohon jadawali bayit ɗaya harafi ɗaya ne. Na ƙ su ne C6 da 99. Manhajar da ta ɗauka fayil ɗin na tsohon jadawali ne sai ta karanta kowane bayit shi kaɗai: C6 a Windows-1252 shi ne Æ, 99 kuma ™. Ba abin da aka jefar, karatun ne aka yi ba daidai ba. Alamarsa ba ta ɓuya: duk inda harafi ɗaya ya zama biyu, na farkon Æ ko É, to wannan ce. Excel yakan yi haka idan ka danna fayil ɗin CSV sau biyu don buɗewa. Ka rufe ba tare da ka adana ba, ka shigo da shi ta Data, sannan From Text/CSV, a wurin File Origin ka zaɓi 65001: Unicode (UTF-8), sai kalmomin su miƙe. Idan an riga an adana shi a gurɓace, mai ɗan sanin Python yana iya warware shi da layi ɗaya:

```
"Æ™asa".encode("cp1252").decode("utf-8")
```

Amsar ƙasa ce. Harafi ɗaya ne yake ba da wahala, babbar Ɓ. Bayit ɗinta C6 da 81 ne, shi kuwa 81 gurbi ne da ba a ba wa kowace alama ba a Windows-1252, don haka wasu manhajojin sukan zubar da shi ko su sa baƙin lu'ulu'un nan mai alamar tambaya a ciki. Bayan gyara, ka nemi kalmomin da suka fara da Ɓ ka duba su da ido.

Zango na uku shi ne tes ɗin kansa, kuma ko CSV ɗinka ya fita lafiya, nan ma akwai rami. Tsarin tes na GSM yana da nasa ƙaramin jadawalin, da shi ne shafi ɗaya yake ɗaukar haruffa 160. Babu ƙ, ɗ, ɓ a cikinsa. Don a aika su sai saƙon gaba ɗaya ya koma tsarin Unicode, inda shafi ɗaya yake ɗaukar haruffa 70 kawai. Idan saƙon ya wuce shafi ɗaya, kowane yanki yana raguwa zuwa 153 a tsarin GSM, 67 a na Unicode, saboda ana cire ɗan wuri don bayanin da zai haɗa yankunan. Ka lissafa: sanarwa mai haruffa 150 shafi ɗaya ce. Ka sa mata ƙ guda ɗaya tak, ta zama shafi uku, kuɗinta ya ninka uku, ga kowane memba. Wannan ne ya sa shafukan aika tes da yawa suke barin saƙo a tsarin GSM sai in kai ka zaɓi Unicode da kanka, duk harafin da bai shiga ba kuwa ya koma alamar tambaya. Ka nemi wurin da aka rubuta Message Type ko makamancinsa, ka zaɓi Unicode, ka aika wa lambarka gwaji kafin ka aika wa jama'a. A wasu wayoyin Samsung ma akwai irin wannan a saitin saƙonni, Input mode, mai zaɓin GSM alphabet da Unicode da Automatic. Wanda ya bar shi a na farkon, tes ɗinsa da alamar tambaya zai riƙa isa.

Wani ɗan abu da yake cin kuɗin mutane ba su sani ba: alamar da muke sawa a 'ya'ya da sana'a. Miƙaƙƙiyar tana cikin jadawalin GSM, amma Word yakan lanƙwasa ta da kansa, lanƙwasasshiyar kuwa ba ta ciki. Sai ka cire duk ƙ da ɗ don tsimi, amma saƙon ya ci gaba da ƙirga 70, saboda alama ɗaya da ka kwafo daga Word.

Idan ka zaɓi Unicode, CSV ɗinka kuma lafiyayye ne, amma sunaye suka ci gaba da fitowa da alamar tambaya alhali jikin saƙon yana daidai, to rumbun bayanan kamfanin ne yake ajiye sunaye a tsohon jadawali. Wannan ba naka ba ne. Ka gaya wa ma'aikacinsu na fasaha ya duba: idan MySQL ne, gurbin sunan ya zama utf8mb4 ba latin1 ba, idan SQL Server ne, NVARCHAR ba VARCHAR ba. Sunayen da suka riga suka lalace a ciki sai an sake ɗora su, canja tsarin ba zai dawo da su ba.

To, a sa lanƙwasa a tes ko kada a sa? Ra'ayina ke nan. Ko ka biya kuɗin shafi uku, membanka mai ƙaramar waya akwati zai gani, don matsalarsa ta zane ce. Idan yawancin mutanenka irin wannan wayar gare su, ka yi wa tes kwafi na musamman mara lanƙwasa, ka karanta shi da kyau, inda ma'ana za ta rikice ka sauya kalma ko ka rubuta adadi da lamba, 100 a maimakon dari. Amma wannan kwafin na tes ne kaɗai. Rajistar membobi, da takardun ƙungiya, da duk abin da za a ajiye, su zauna da haruffansu cikakku a xlsx ko docx. Cire lanƙwasa aikin daƙiƙa ne da Find and Replace, mai da ita kuwa sai an bi kalma-kalma.

Saura abu ɗaya, don tabbas wata rana wani dattijo a ƙungiyar zai turo maka tsohuwar takarda ka ga }asa da ]aya da ~ata a ciki. Wannan ba ko ɗaya daga cikin ukun can ba ce. A shekarun 1990, lokacin da samun haruffan nan a kwamfuta yake da wuya, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro salon rubutu na Hausa, Rabi'at da Abdalla, kuma da su aka buga littattafai da kundayen bincike masu yawa. Dabarar ita ce a ɗauki madannan da ba a cika amfani da su ba a zana haruffanmu a kansu, ta yadda lambar da ke fayil ta } ce amma zanen da ke allo na ƙ ne. Ya yi wa Hausa aiki sosai a zamaninsa. Sai dai da zarar rubutun ya bar kwamfutar da take da salon, ya shiga waya ko intanet, ainihin alamomin suke bayyana. Gyaransa ya fi kowanne daɗi, don kowace alama harafi ɗaya take wakilta: } ta koma ƙ, ] ta koma ɗ, ~ ta koma ɓ, { ta koma Ƙ, [ ta koma Ɗ, | ta koma Ɓ. Ka yi Find and Replace sau shida a kan kwafi, ba a kan asalin ba, ka lura da wuraren da marubucin ya yi nufin baka ta gaske, sannan ka sauya salon rubutun takardar gaba ɗaya zuwa na Unicode. Idan kana Word kuma ba ka da madannan Hausa, ka rubuta U+0199, wato lamba 409 ɗin nan a yadda Unicode yake rubuta ta, ka danna Alt da X tare, ƙ za ta fito. U+0257 na ɗ ne, U+0253 na ɓ, manyan kuwa U+0198 da U+018A da U+0181.